Tambayoyi da Amsoshi Kan Fitar da Reshiyo Daga Akwatin Punnett: Tt da Tt

Ina koyar da bayoloji a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano, da yamma kuma ina yi wa 'yan aji shida darasin share fagen WAEC da NECO. Duk shekara idan muka zo babin gado, tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne, kurakuran ma iri ɗaya. Zanen akwatin Punnett, wato murabba'in da ake hasashen irin 'ya'yan da haɗin iyaye biyu zai bayar da shi, ba ya ba kowa wahala, minti biyu an gama. Inda gizo ke saƙar shi ne karanta abin da akwatin ya faɗa. Shi ya sa na tattara tambayoyin a nan yadda ɗalibai suke yi mini su, na tsaya kan haɗi guda ɗaya: shukar fis biyu dogaye, kowace tana ɗauke da Tt.

Malam, shi wannan fis ɗin waken da muke ci ne?

Ba shi ba ne, amma danginsa ne. Wakenmu na ƙosai da alala, wanda ake sauke buhunansa a Dawanau, daban yake. Fis shi ne koren nan mai ƙananan ƙwayoyi mulmulallu da ake saya a Yankaba tare da karas a zuba a shinkafar biki. A littafi sunansa Pisum sativum.

Da shi Gregor Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gadon halitta, ya yi gwaje-gwajensa a lambun gidan ibada da ke birnin Brno, a ƙasar Cek ta yanzu, daga 1856 zuwa 1863, aka buga sakamakon a 1866. Ya zaɓe shi ne saboda furensa a rufe yake, kansa yake yi wa barbara, don haka mai gwaji yana iya sanin uban kowace ƙwaya. Akwatin kuwa ba Mendel ne ya zana shi ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Reginald Punnett ne ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, bayan rasuwar Mendel.

Me ake nufi da shuka hetarozaigos ce?

Tsawon karan fis yana ƙarƙashin ƙwayar gado guda ɗaya, ita kuma tana zuwa iri biyu. Kowane iri ana kiransa alil. Akwai alil na tsawo, muna rubuta shi T, akwai na gajarta, muna rubuta shi t. Kowace shuka tana ɗauke da guda biyu, ɗaya ta gada ta wajen uwa, ɗaya ta wajen uba. In biyun iri ɗaya ne, TT ko tt, ita ce homozaigos. In sun bambanta, wato Tt, ita ce hetarozaigos.

Shukar Tt ba tsaka-tsaki take fitowa ba. Doguwa take, sak kamar TT, domin T guda ɗaya ya isa ya sa shukar ta samar da sinadarin da ke miƙar da kara. Shi ya sa ake ce wa T mai rinjaye, t kuma mai laɓewa: yana nan a jiki, bai ɓace ba, bai kuma gauraya ba, sai dai ba a ganin aikinsa sai ya haɗu da ɗan'uwansa t. Bambancin ba ɗan kaɗan ba ne. A lambun Mendel dogayen sun kai ƙafa 6 zuwa 7, gajerun kuwa ba su wuce ƙafa ɗaya da rabi ba.

Haruffan da shuka take ɗauke da su su ne jinotayif, kalmar da duk wanda ya je gwajin jini kafin aure ya sani. Abin da ido ya gani, doguwa ko gajera, shi ne finotayif.

Yaya ake zana akwatin daga farko?

Kada ka fara da zane. Fara da tambayar kanka: me kowace shuka za ta iya bayarwa? Lokacin da shuka take haɗa ƙwayoyin haihuwarta, waɗanda ake kira gamit, alil ɗin nan biyu rabuwa suke yi, kowane gamit ya ɗauki ɗaya tak. Shukar Tt ke nan rabin gamit ɗinta T ne, rabi t. Haka abin yake a garin fure na ɓangaren namiji, haka yake a ƙwan fure na ɓangaren mace.

Yanzu sai ka zana murabba'i, ka raba shi gida huɗu. A sama ka rubuta gamit ɗin shuka ta farko, T a kan layi ɗaya, t a kan ɗayan. A gefen hagu ka rubuta na shuka ta biyu haka nan. Kowane gida ka sauko masa da harafin da ke samansa, ka jawo masa wanda ke gefensa.

```
      T     t
T    TT    Tt
t    Tt    tt
```

Kuskuren da na fi gani a takardun gwaji shi ne ɗalibi ya rubuta Tt a matsayin gamit, a saman layi guda. Daga nan sai gidajen su cika da haruffa uku ko huɗu, lissafi ya rushe. Ga yadda za ka kama kanka: a bakin akwati harafi ɗaya-ɗaya, a cikin gida harafi bibbiyu. In ka ga ba haka ba, goge ka sake.

Wata shawara ƙarama. In an bar maka zaɓin harafi, ɗauki wanda babbansa da ƙaraminsa ba su yi kama ba, kamar T da t ko R da r. Na sha duba takardar da aka yi amfani da S da s, rubutun ya cakuɗe, ni kaina na kasa gane wanne ne babba. Mai duba jarrabawa da ke da tulin takardu a gabansa ba zai tsaya yi maka duba ba.

To daga ina 3:1 ya fito, kuma daga ina 1:2:1? Wanne ne daidai?

Duka biyun daidai ne, kuma daga gidaje huɗun nan suka fito. Ƙirga biyu ake yi wa akwati ɗaya.

In ka ƙirga haruffa, za ka sami TT a gida ɗaya, Tt a gida biyu, tt a gida ɗaya. Wannan shi ne reshiyon jinotayif, 1:2:1. In kuwa ka rufe ido ga haruffa ka tambayi yadda shukar za ta tsaya a gona, TT doguwa ce, Tt biyun dogaye ne, tt ce kaɗai gajera. Uku dogaye, ɗaya gajera, reshiyon finotayif ke nan, 3:1. Ukun nan ba komai ba ne illa ɗaya da biyun farko da aka haɗa, saboda ido ba ya iya raba su.

Don haka karanta tambayar sau biyu kafin ka sa biro. Kuma kada ka ajiye lambobi tsirara. Rubuta 3 dogaye : 1 gajera, ko 1 TT : 2 Tt : 1 tt. Wanda ya rubuta 1:3 bai faɗi wanne ne wanne ba ya bar wa mai dubawa ƙofar hana shi maki.

Tt da tT ba daban suke ba?

Abu ɗaya ne. Bambancin kawai daga wace shuka T ya zo, kuma wannan ba ya canza tsawon kara. Mendel ya gwada ta kowane ɓangare, ya ɗauki garin fure daga doguwa ya sa wa gajera, ya kuma juya, sakamakon bai canza ba. Al'ada ce a fara rubuta babban harafi. Amma ka lura, hanyoyi biyun nan na samun Tt su ne dalilin da ya sa yake da gida biyu.

Ke nan in na shuka ƙwaya huɗu, uku za su yi tsawo ɗaya ta gajarce?

A'a. In za ka riƙe amsa ɗaya daga wannan shafi, riƙe wannan.

Gidajen nan huɗu ba 'ya'ya huɗu ba ne. Hanyoyi huɗu ne da gamit biyu za su iya haɗuwa, kuma kowace hanya damarta daidai take da ta 'yar'uwarta. Kowace ƙwaya da aka samu, ita kaɗai, tana da damar kashi 1 cikin 4 ta zama tt, da kashi 3 cikin 4 ta zama doguwa. Ƙwaya ta biyu ba ta san abin da ta farko ta zama ba. In uku sun fito dogaye, babu wani bashi da ta huɗu take biya, damarta ta gajarta tana nan 1 cikin 4.

Baki ba ya gamsar da 'yan aji kan wannan, gani ya kori ji. Abin da nake yi shi ne in zo da kwano biyu daga gida. A kowane kwano in zuba farin wake 50 da jan wake 50, in gauraya. Jan wake shi ne T, fari shi ne t, kwano ɗaya uwa, ɗaya uba. Sai in kira ɗalibi ya kau da kai, ya sa hannun dama a wannan kwano, na hagu a wancan, ya ɗauko ƙwaya ɗaya-ɗaya ya buɗe tafinsa. Ja da ja TT, ja da fari Tt, fari da fari tt. Wani yana allo yana jan layi. Sharaɗi ɗaya ne: a mayar da kowace ƙwaya kwanonta a sake gaurayawa kafin ɗauka ta gaba, in ba haka ba rabi da rabin ya lalace.

A ɗauka huɗun farko aji yakan kaure da musu. Wani benci fari da fari bai fito musu ko sau ɗaya ba, wani benci ya fito sau biyu a jere. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ko dai akwatin ne ƙarya, ko waken ne ba a gauraya ba." Na ce mata ta yi haƙuri mu tara na kowa. Da aka haɗa ɗaukar dukan 'yan aji a allo, ta kai ɗaruruwa, sai ga fari da fari ya tsaya kusa da rubu'i, gaurayen kuma kusa da rabi.

Lissafi ma ya nuna haka. Damar ƙwaya huɗu su fito duka dogaye ita ce:

```
3/4 × 3/4 × 3/4 × 3/4 = 81/256
```

Wato kusan kashi 32 cikin 100, kusan sau ɗaya a cikin uku. Damar su fito daidai uku dogaye ɗaya gajera kuwa 108/256 ce, kusan kashi 42 cikin 100. Ka ga ko rabi ba ta kai ba. Mai shuka ƙwaya huɗu, rashin ganin 3:1 ya fi kusa da shi a kan ganinsa.

An ce an samu tsiro 240 daga haɗin Tt da Tt. Nawa ne gajeru?

Tara ɓangarorin reshiyon tukuna: 3 da 1 sun zama 4. Raba 240 gida 4, kowane kaso 60. Gajeru kaso ɗaya ne, 60. Dogaye kaso uku, 180. In jinotayif aka tambaya, 1 da 2 da 1 su ma 4 ne, sai ka sami TT 60, Tt 120, tt 60.

Masu faɗuwa a nan sukan ga lamba 3 su raba 240 da ita, su ce gajeru 80. Sun ɗauki 3:1 a matsayin ɗaya cikin uku, alhali ɗaya cikin huɗu ne. Ka tuna rabon kuɗi: in aka ce yaya ya ɗauki kaso uku ƙane ya ɗauki ɗaya, gida huɗu aka kasa kuɗin. Gwada amsarka kafin ka wuce. In gajeru 80 ne, dogaye 160 ke nan, 160 da 80 kuwa 2:1 ne.

Wani lokaci sukan juya tambayar, su ce an ƙirga gajeru 60, dogaye nawa ake sa ran samu? A nan 60 ɗin kaso ɗaya ne, ba jimla ba, sai ka ninka shi sau uku ka sami 180. Nan ne kawai lamba 3 take aiki kai tsaye. Kuma a amsarka ka ce "ana sa ran", domin abin da akwatin yake bayarwa ke nan.

Shi Mendel ya sami 3:1 cif?

Bai samu ba, ko a hali ɗaya cikin bakwai da ya gwada. A tsawon kara ya ƙirga shuka 1,064, dogaye 787, gajeru 277. Don mayar da irin wannan ƙirga reshiyo, raba kowace lamba da ƙaramar cikinsu:

```
787 ÷ 277 = 2.84
277 ÷ 277 = 1
```

Ya zama 2.84:1. Da akwatin zai cika cif, da an sami rubu'in 1,064, wato gajeru 266 da dogaye 798. An sami gajeru 11 fiye da haka, a cikin shuka sama da dubu.

Inda ya ƙirga da yawa ya fi matsowa kusa. A siffar ƙwaya ya sami masu sumul 5,474 da yamutsattsu 1,850, wato 2.96:1. A launin ƙwaya ya sami rawaya 6,022 da kore 2,001, wato 3.01:1. Dalilin da ya sa waɗannan biyun suka fi yawa shi ne ana ganinsu a jikin ƙwayar tun tana cikin kwanso, ba sai an shuka an jira ba. Tsawon kara kuwa sai kowace ƙwaya ta sami gurbi a lambu ta girma.

A jarrabawa in aka ba ka lambobi irin waɗannan, nuna rabawar, rubuta 2.84:1, sannan ka ce kusan 3:1. Kada ka tsallake kai tsaye zuwa 3:1, makin yana kan aikin.

Yaya zan san ƙirgata ta kauce da yawa, ba sa'a ce kawai ba?

Ya danganta da yawan abin da ka ƙirga. A shuka 8, in ba ka ga gajera ko ɗaya ba, ba abin mamaki ba ne, hakan na faruwa kusan sau ɗaya a cikin goma. A shuka 100 ana sa ran gajeru 25, kuma yawanci abin da za a samu zai faɗa tsakanin 16 da 34. In ka sami 40 ko 50, to daina zargin sa'a, koma ka binciki iyayen da gonar.

Lambar da ka samu takan nuna inda matsalar take. In dogaye da gajeru sun zo kusan rabi da rabi, alama ce ɗaya daga iyayen tt ce, ba Tt ba. In a cikin shuka 100 babu gajera ko ɗaya, to aƙalla ɗaya daga iyayen TT ce, tsawonta ya ruɗe ka. In gajeru sun yi ƙasa da yadda ake tsammani, duba ko an yi shukar a cunkushe dogaye sun rufe su sun mutu kafin ranar ƙirga, shi ya sa ake so a ƙirga da wuri. In kuma sun yi yawa, duba ko ƙishirwa ko rashin taki ne ya tsumburar da wasu dogayen ka sa su a layin gajeru. Fis shukar sanyi ce, zafin Kano na watan Afrilu ba zai bar ta ta nuna tsawonta na gaskiya ba.

A jami'a za a koya maka gwajin da ake auna wannan kaucewar da shi da lambobi. A sakandare, sanin cewa ƙaramar ƙirga tana yawo, babba tana natsuwa, ya wadatar.

In na tsinko doguwa ɗaya daga cikin 'ya'yan, mece ce damar ta zama Tt? Rabi ne ko?

Ba rabi ba ne, biyu cikin uku ne, kuma wannan tambaya tana kayar da har masu ƙoƙarin aji. Rabi amsa ce in ƙwaya ce a hannunka, ba ka san yadda za ta fito ba. Amma ka riga ka ce doguwa ce. Da faɗin haka ka fitar da gidan tt daga lissafi, saura gida uku: TT ɗaya, Tt biyu. Don haka damar Tt 2/3 ce, ta TT kuma 1/3. A misalin 240 ɗin nan, dogaye 180 ne, 120 daga ciki Tt, kuma 120 cikin 180 biyu cikin uku ne.

Mendel ya tabbatar da wannan a lambu. Ya ɗauki shuka 565 da suka tsiro daga ƙwayoyi masu sumul, ya bar kowace ta yi wa kanta barbara. Guda 193 sun ba da masu sumul zalla, 372 kuma sun ba da gauraye, masu sumul da yamutsattsu. Raba 372 da 193 ka sami 1.93, kusan biyu da ɗaya. Da haka ya gane cewa ukun da ke cikin 3:1 ba jinsi ɗaya ba ne.

To ta yaya ake bambance TT da Tt tunda ido ba ya gani?

Ana haɗa doguwar da ake shakka da gajera, tt. Gajera t kaɗai take bayarwa, ba ta da abin da za ta rufe komai da shi, don haka duk abin da doguwar ta ɓoye zai bayyana a 'ya'ya. In TT ce, duk 'ya'yan Tt ne, dogaye. In Tt ce, ana sa ran rabi dogaye rabi gajeru.

Hukuncin bai zo daidai ta ɓangarori biyun ba. Gajera ɗaya tak in ta fito, magana ta ƙare, uwar Tt ce. Amma in 'ya'ya uku ka shuka duka suka yi tsawo, ba ka tabbatar da komai ba, domin shukar Tt ma tana yin haka sau ɗaya a cikin takwas. In goma ne duka dogaye, damar hakan daga Tt ta koma 1 cikin 1,024, a nan kana iya cewa TT ce hankalinka kwance.

Mai rinjaye yana nufin ya fi ƙarfi, wata rana gajeru za su ƙare?

Ko kaɗan. Rinjaye magana ce kan wanne ake gani a jikin Tt, ba kan wanne ya fi shiga gamit ba. Ƙirga haruffan da ke cikin akwatin: T huɗu, t huɗu. Yadda suka shiga haka suka fita. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a gonar fis dogaye biyu suna haifar gajera, kuma ba albasa ce ta ƙi halin ruwa ba, gadon ne na kakanni ya fito.

Kowane haɗin hetarozaigos biyu 3:1 yake bayarwa?

1:2:1 na jinotayif shi ne mai tsayawa, matuƙar ƙwayar gado ɗaya ake magana, gamit suna fitowa rabi da rabi, kuma duk 'ya'yan sun rayu. 3:1 kuwa yana buƙatar ƙarin sharaɗi, sai alil ɗaya ya rufe ɗayan gaba ɗaya. Akwai furannin da in aka haɗa ja da fari 'ya'yan suke fitowa ruwan hoda. In ka haɗa masu ruwan hodan biyu, za ka ga ja ɗaya, ruwan hoda biyu, fari ɗaya, finotayif ya koma 1:2:1 tunda yanzu ido yana gane na tsakiyar. Akwai kuma ɓeraye masu rawayan gashi waɗanda in aka haɗa biyu ake samun 2:1, saboda ɗan da ya gaji alil ɗin rawaya ta ɓangare biyu yana mutuwa tun a ciki, gida ɗaya ya fita daga ƙirga. Akwatin bai canza ba a duka biyun, abin da ake iya ƙirgawa ne ya canza.

Kuma kada ka ɗauki T da t ka ɗora wa tsawon mutum. Namu tsawon ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne suke haɗuwa a kansa, ga abinci, shi ya sa a gida ɗaya za ka ga dogo, gajere da duk abin da ke tsakani.

Malam, wannan shi ne lissafin AS da AS?

Shi ne, harafi kawai aka canza. Wannan tambaya ba ta taɓa wuce shekara ba a yi mini ita ba, kuma takan zo ne bayan an tashi, ɗalibi ya tsaya sai kowa ya fita.

```
      A     S
A    AA    AS
S    AS    SS
```

AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ya zo da sikila, rabi ya zo AS, rubu'i ya zo AA. Bambancinsa da fis shi ne a nan ba sai an yi haɗin gwaji ba, gwajin jini a asibiti yana raba AA da AS kai tsaye.

Kuskuren ƙwaya huɗun nan a nan yake yin ɓarna ta gaske. Na ji masu cewa ai ɗa na huɗu ne yake zuwa da ciwon, in an tsaya a uku an tsira. Na ji masu cewa tunda na fari ya zo da shi, ukun da ke biye lafiya za su zo. Duka biyun ba haka ba ne. Ɗan fari yana iya zuwa SS, na biyu ma haka, kuma damar biyun farko su zo SS a jere 1 cikin 16 ce. Haka kuma za ka ga gidan AS da AS mai 'ya'ya huɗu babu mai sikila ko ɗaya, sai a riƙa kafa hujja da su ana cewa gwajin ba gaskiya ba ne. Wannan gidan shi ne 81/256 ɗin da muka lissafa a sama, kusan gida ɗaya cikin uku masu 'ya'ya huɗu. Sauran gidaje biyun cikin ukun suna da aƙalla yaro ɗaya mai SS, kuma shi ma gidan da ya tsira, in ciki na biyar ya zo, damarsa tana nan 1 cikin 4.